Shimfiɗa da Bugun Ƙarshe: Yadda Labarin Ban Dariya Ke Gina Zato Ya Rushe Shi

Ga wani ɗan gajeren labari, irin wanda ake jefawa a majalisa bayan la'asar: "Kawuna a banki yake aiki. Duk safiya manaja da kansa sai ya tsaya ya jira shi, in Kawu bai iso ba babu mai shiga ofis. Shekara ashirin ke nan yana gadi."

Jimla uku ce kacal, amma ta ƙunshi duk abin da mai koyon ba da dariya yake bukata ya fara fahimta. Jimloli biyu na farko su ne shimfiɗa. Ta ukun ita ce bugun ƙarshe, wato maganar da ke tayar da dariyar. Yawancin masu koyo hankalinsu na kan bugun, suna ta neman kalma mai zafi da za su rufe da ita. A ganina sun baro aikin a baya, domin bugun ƙarshe ba shi da wani ƙarfi nasa na kansa. Ka ce wa mutum "kawuna shekara ashirin yana gadi" kawai, sai ya ce maka Allah ya ƙara rufa asiri. Abin da ya mayar da wannan magana ta ban dariya shi ne abin da shimfiɗar ta riga ta dasa a kan mai sauraro kafin ya ji ta.

To me ta dasa? Mu bi ta kalma bayan kalma. Da aka ce "a banki yake aiki", kafin a rufe baki mai sauraro ya hango mutum da kwat da lakataye, a ofis mai sanyi. Ba wanda ya ambaci kwat. Shi ya kawo abinsa, saboda a saninsa haka ma'aikacin banki yake. Da aka ce manaja yana jiran sa, sai ya ƙara wa Kawu girma: wanda manaja ke jira ai ya fi manaja, ko darakta ne ko wani babba daga hedikwata. Da aka ce babu mai shiga ofis sai ya iso, zance ya tabbata, Kawu mai faɗa a ji ne. Cikin 'yan daƙiƙoƙi mai sauraro ya gina cikakken mutum, da muƙaminsa da motarsa, alhali mai ba da labari bai faɗi ko ɗaya daga ciki ba.

Wannan ba wauta ba ce, haka kowa ke sauraron magana. Babu mai faɗar komai da komai in yana zance, sauran mai ji ne ke cikasawa da abin da ya saba gani. In aka ce maka wane ya shiga masallaci, ba sai an gaya maka ya cire takalmi ba. Muna kuma kyautata wa mai magana zaton cewa abin da ya zaɓa ya faɗa shi ne mai muhimmanci, kuma da akwai wani abu da zai sauya ma'anar zancen da ya faɗe shi tun farko. Mai barkwanci da wannan kyakkyawan zaton yake cin abinci. Ya san inda hankalinka zai nufa in ya ce banki, sai ya bar ka ka tafi can da ƙafarka.

Sai bugun ya zo: "yana gadi". A nan abu biyu ke faruwa a jere, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba. Na farko, hoton da ka gina ya rushe, babu darakta babu kwat. Na biyu, hankalinka ya koma baya da gudu ya sake bin shimfiɗar, ya tarar ashe duk abin da aka faɗa gaskiya ne. Maigadi a banki yake aiki. Makullin get yana hannunsa, dole manaja ya tsaya. In bai iso ba kuwa babu mai shiga. Ba a yi maka ƙarya ko ta kalma ɗaya ba, kai ne ka yi gaggawa. Dariyar tana fitowa ne a daidai wannan mataki na biyu, lokacin da ka ce a ranka "af, ashe haka ne".

Masana sun daɗe suna juya wannan batu. Immanuel Kant, masanin falsafar nan na Jamus, ya rubuta a 1790 cewa dariya tana tasowa ne idan tsammanin da aka ja ya yi tsauri ya rikiɗe ya zama ba komai ba farat ɗaya. Ya kama rabin zancen, wato rushewar. Amma a labarin Kawu tsammanin bai tashi a banza ba, wani abu ne ya maye gurbinsa. Wannan rabin na biyu shi Jerry Suls, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya fito da shi fili a 1972, inda ya ce fahimtar barkwanci mataki biyu ce: mutum ya ci karo da abin da bai zata ba, sannan ya gano hanyar da abin ya dace da abin da ya gabata. In ya gano, ya yi dariya. In bai gano ba, sai ya tsaya yana zare ido. Victor Raskin kuma, masanin harshe, ya bayyana shi ta wata fuskar a 1985: labarin barkwanci zance ne guda da ya dace da fahimta biyu masu karo da juna. A namu labarin, fahimtar farko ita ce babba a ofis, ta biyu ƙarami a bakin ƙofa, kuma jimlar "manaja sai ya jira shi" ta zauna daidai a cikin kowacce.

Wannan jimla ta tsakiya ita ce ƙashin bayan labarin, kuma irinta ce mai koyo ya kamata ya koyi nema. Kowane barkwanci mai wannan gini yana da wani abu guda, ko magana ko aiki ko hali, wanda za a iya fahimta ta hanya biyu: ɗaya a sarari da kowa zai fara kamawa, ɗaya a ɓoye amma halattacciya. Jira yana iya zama na girmamawa, yana iya zama na dole. Idan ka rasa irin wannan mahaɗa a labarinka, duk yadda ka ƙawata ƙarshensa ba zai tashi ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane aikin kowane sashe ita ce a ɓata labarin da gangan a ga abin da zai lalace. Mu fara da sauya ƙarshen: "Shekara ashirin ke nan yana darakta." Babu ƙarya, babu kuma dariya, domin abin da aka zata shi aka samu. Wannan labari ne kawai, har ma da ɗan ƙamshin alfahari. Mu sake gwadawa: "Shekara ashirin ke nan yana kiwon agwagi." To, an sami ba-zata, babu wanda ya hango agwagi. Amma in hankali ya koma baya ba zai sami abin da ya haɗa agwagi da jiran manaja ba, sai mutane su kalli juna, wani ya ce "to sai me?" Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wurin masu farawa. Suna ɗauka duk abin da ya zo ba zato abin dariya ne, sai su rufe labari da shirme. Alamar da za ka gane ka faɗa wannan rami ita ce shirun da ke biyo baya mai ɗauke da tambaya, ka ga goshi ya tattare maimakon baki ya buɗe.

Yanzu mu taɓa shimfiɗar. A ce mai labari yana son ya ƙara wa tarkonsa ƙarfi, sai ya fara da "Kawuna babban jami'i ne a banki." Da jin "yana gadi" wani a majalisar zai ce "a'a, ai kai ka ce babban jami'i ne." Kuma yana da gaskiya. An yi masa ƙarya, kuma wanda aka yi wa ƙarya ba ya jin daɗin da wanda ya ruɗi kansa yake ji. Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: shimfiɗa tana iya ɓoyewa, tana iya yin shiru a kan abu, tana iya haska wani gefe ta bar wani a duhu, amma kowace kalma a cikinta dole ta tsaya da ƙafarta bayan an ji bugun. Gwajin da za ka yi wa labarinka ke nan kafin ka kai shi gaban mutane. Ka karanta shimfiɗar kana sane da ƙarshen, ka ga ko akwai kalmar da ta zama ƙarya.

Akasin wannan kuma shi ne shimfiɗar da ta yi yoyo. "Kawuna a banki yake aiki, kullum yana bakin get da kakinsa da kulkinsa, manaja sai ya jira shi." An gama. Tun daga "kaki" kowa ya san maigadi ne, fahimta ta biyu ta riga bugun isowa, babu sauran abin da zai rushe. Za ka gane haka in ka ga wani ya riga ka faɗar ƙarshen, ko ka ga ana gyaɗa kai tun kana tsakiya. Wani lokaci ba kalma ce ke tona asirin ba, fuskar mai labarin ce. Wanda ya fara ƙyalƙyala dariya tun a jimlar farko ya sanar da kowa cewa akwai lauje cikin naɗi, sai masu sauraro su daina bin hanyar da aka nuna musu su koma laluben inda za a ɓullo. Shi ya sa gwanaye ke ba da shimfiɗa da fuskar gaske, kamar masu ba da labarin rasuwa. Abin kamar bugun fenariti ne: sai mai tsaron gida ya yarda da gaske cewa dama za ka buga, har ya tafi can da jikinsa, sannan hagu take zama fili.

Akwai kuma batun tsawo, wanda a nan ne masu hira da yawa ke kashe labarinsu da hannunsu. Za ka ji mutum ya ce, "Kawuna, wato ƙanen babata, wanda ya auri 'yar gidan mai unguwa, ba wanda ya je Makka bara ba, ɗayan…" Duk wannan kaya ne aka ɗora wa mai sauraro. Shi bai san wanne ne zai yi amfani ba, don haka yana riƙe da duka, yana jiran ya ga inda mai unguwa da Makka za su shigo. Da bugun ya zo, hankalinsa ya rabu gida huɗu, zaton da ake so ya yi ƙarfi ya tsinke. Ƙari a kan haka, duk daƙiƙar da ka ƙara a shimfiɗa bashi ne ka ci, kuma bugun ne zai biya. Labarin minti biyar da ya ƙare da ɗan murmushi an yi asara, amma wannan murmushin a bayan jimla biyu riba ce. Abin da za a tambayi kowace kalma a shimfiɗa shi ne: tana tura mai sauraro zuwa fahimtar farko, ko ana bukatar ta don fahimta ta biyu ta tsaya? In ba ta yin ko ɗaya, a cire ta.

"Shekara ashirin ke nan" fa, me take yi a wurin? Da alama ƙari ce, amma tana aiki. Tana jinkirta bugun da ɗan numfashi guda, kuma tana ƙara tura mutum kan hanyar da yake kai, domin kunne ya saba jin irin wannan farawa a zancen yabo: shekara ashirin yana shugabanci, shekara ashirin yana riƙe da wurin. Sai kalmar ƙarshe ta juya komai. A lura kuma cewa "gadi" ita ce kalmar ƙarshe ɗungurungum. Da an ce "gadi yake yi a wurin shekara ashirin ke nan, tun zamanin tsohon manaja", da dariyar ta taso a kalmar farko, sauran maganar ta bi ta kanta ta danne ta, mutane su haɗiye dariyarsu don su ji ƙarshen zance. Hausa tana ba da damar a gabatar da kalma ko a jinkirta ta, to a yi amfani da wannan dama a ajiye kalmar da ke fasa ƙwan a can ƙarshe. Bayan ta kuma a yi shiru. Wanda ya ƙara da "ka gane ai, shi ke da makulli" ya ƙwace wa mai sauraro aikin da daɗin yake cikinsa, wato ya gano da kansa.

Ba kullum ake dogara da abin da mutane suka riga suka sani ba. Ana iya ƙera zaton a cikin labarin kansa, kuma hanya mafi arha ita ce jero abu uku. "Ranar da zan tafi Legas neman kuɗi, Inna ta sallame ni da abu uku: addu'a, nasiha, da lambar akawun ɗinta." Abu na farko ya buɗe hanya, na biyu ya tabbatar da cewa hanyar ke nan, kunne ya shirya jin na uku daga dangin su, ko albarka ko haƙuri. Sai aka sami lambar akawun, wadda ta karya jerin amma ta dace da uwar da ɗanta zai tafi neman kuɗi. Dalilin da ya sa aka fi amfani da uku shi ne biyu ne mafi ƙarancin abin da ke kafa tsari. Da ɗaya ba a san inda aka dosa ba, da huɗu ko biyar kuma an fara gajiya.

'Yan kama ma da wannan dabara suke aiki, sai dai su aron shimfiɗa suke yi. Sukan ɗauki waƙar da kowa ya haddace, ko salon karatun malamai, su bi kari da murya yadda aka saba, sai a inda ake jiran kalmar da aka sani su sako tuwo ko fura ko nama. Ba su bukatar gina zato, jama'a sun zo da shi daga gida. Wannan kuma yana nuna iyakar abin. Wanda bai san asalin waƙar ba zai ji mutum yana waƙar abinci ne kawai. Haka labarin Kawu: ka ba wa yaron da bai san girman manaja ba, babu abin da zai rushe masa, domin tun farko bai gina komai ba. Da yawa daga labaran da ake cewa ba su da daɗi lafiyarsu lau, an kai su gaban waɗanda ba su da zaton da aka yi niyyar karyawa ne.

Akwai wani gini da ya ɗan bambanta, kuma yana da kyau mai koyo ya san shi don kada ya ɗauka hanya ɗaya ce. Tsohon labarin marowacin da ya faɗa kogi misali ne, ana ba da shi a ƙasashe da dama. Mutane sun taru a gaɓa suna miƙa hannu suna ihu, "Alhaji, kawo hannunka!" Alhaji yana nutsewa yana tasowa, ya ƙi miƙawa. Sai ɗansa ya iso da gudu ya ce, "Ku matsa, ba ku san Baba ba." Ya durƙusa ya ce, "Baba, ungo hannuna." Nan take Alhaji ya cafke. A nan ba a jira ƙarshe ba kafin a kawo abin mamakin, yana tsakiya: mutum na nutsewa ya ƙi ceto. Mai sauraro yana riƙe da wannan ɗaurin kai yana neman dalili, ko tsoro ne, ko ruɗewa. Bugun sai ya ba shi dalilin da bai hango ba, alhali an ajiye masa shi tun a kalmar farko da aka ce marowaci. Zaton da aka karya shi ne cewa rowa tana da iyaka, ta tsaya a kan kuɗi da abinci, in rai ya zo ana ajiye ta. Ka cire kalmar "marowaci" daga farkon labarin, ƙarshen ya zama ba shi da ma'ana. Ka nanata ta sau uku kuma, wani zai harbo inda aka nufa. Sau ɗaya ake faɗar ta, a wuce kamar ba komai.

Duk da haka, gini mai kyau bai isa shi kaɗai ba. Labarin mugun abu ma yana iya zuwa da zato da rushewarsa, mutum ya buɗe ƙofa yana tsammanin baƙo ya tarar da ɗan fashi, kuma babu mai dariya. Peter McGraw da Caleb Warren, wasu masu bincike a Amurka, sun yi bayani a 2010 cewa abu yana ba da dariya ne idan ya saɓa wa yadda ya kamata, kuma a lokaci guda mai ji ya ɗauke shi mara cutarwa. Alhajin da ke cikin kogi an cece shi, shi ya sa ake dariya. Da labarin ya ƙare da gawa, da wani zance ake yi. Wannan ne ma ya sa maganar da Bafulatani zai gaya wa Babarbare a yi ta tafawa, ko wadda jika zai gaya wa kakarsa ta bi shi da dundu tana dariya, in ta fito daga bakin wanda babu wasa tsakaninsu sai ta zama faɗa. Kalmomin ba su sauya ba, amincin da ke ƙarƙashinsu ne babu. Labarin Kawu kansa, in ka ba da shi a gaban maigadin da ake rainawa a wurin aiki, fahimta ta biyun ba za ta zo masa a matsayin wasa ba.

Wanda ke son ya gwada ƙirƙirar nasa, daga ƙarshen labarin ake farowa. Ka ɗauki wata magana ta gaskiya game da wani abu da ka sani, a ce mai shayin unguwarku. Ka rubuta abin da duk wanda ya ji maganar zai ɗauka ba tare da an gaya masa ba. "Manyan mutane ba sa fita aiki sai sun biya ta wurinsa": za a ɗauka mai ba da shawara ne, ko malami, ko wani uban gida. Daga cikin waɗannan zato ka zaɓi wanda ya fi ƙarfi, ka datse duk kalmar da za ta tona shayi da burodi, ka ajiye su sai ƙarshe. Sannan ka gwada a kan mutum ɗaya, kana kallon fuskarsa. In ya riga ka, shimfiɗar ta yi yoyo, ka nemo kalmar da ta tona. In ya ce "ban gane ba", mahaɗar ta yi nisa, ka ƙara masa ɗan abin da zai taka. In kuwa ya ce "ai ba haka ka ce da farko ba", to akwai ƙarya a shimfiɗar, sai ka koma ka cire ta.